Saƙon farko ga mai gida a kan ɗakin haya a Maraɗi: abin da za ka rubuta da lokacin turawa

Masu neman ɗaki a Maraɗi, musamman ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ma'aikatan da aka canza wa wurin aiki, suna yawan kawo ƙorafi iri ɗaya: sun ga sanarwar ɗaki, sun tura saƙo, mai gida ya karanta ya yi shiru. Sau da yawa ɗakin yana nan, saƙon ne bai ba shi abin da zai amsa ba. Mai gida yana son ya san wane ne mai magana, wane ɗaki yake nufi, da kuma yaushe zai zo. Saƙon farko aikinsa ke nan, manyan tambayoyinsa biyu ne: ɗakin yana nan, kuma yaushe za a iya ganinsa. Ga yadda ake shirya shi, da misalin ɗaki guda da aka yi sanarwarsa a unguwar Zariya.

1. Ka adana sanarwar kafin ka taɓa lambar

A ce a wani zauren WhatsApp ka ga an rubuta: ɗaki ciki ɗaya a Zariya, da ruwa da wuta, jika 15 a wata, ga lamba. Abu na farko, ka ɗauki hoton sanarwar a wayarka. Idan a jikin ƙofar gida aka rubuta da alli ko fenti, ka ɗauki hoton ƙofar har da abin da ke kusa da ita, kamar shago ko masallaci. Sanarwar da aka sa a status na WhatsApp tana ɓacewa bayan awa 24, ta cikin zaure kuma mai ita yana iya goge ta. Wannan hoto ne zai zama shaidarka in ka je aka ce maka kuɗin ba haka ba ne.

Sannan ka duba ranar da aka saka ta. Wadda ta kwana ɗaya ko biyu tana da rai. Wadda aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure, har WhatsApp ya sa mata alamar an tura sau da yawa, wataƙila ɗakin ya daɗe da shiga hannu. Ka tura saƙon duk da haka, amma kada ka daina neman wani.

Lambar waya a Nijar alƙaluma takwas ce. Ka ƙirga su kafin ka adana, domin lamba ɗaya da ta ɓace wajen kwafa ta isa ta kai saƙonka ga wanda bai san zancen ba. Idan daga Katsina ko Kano kake rubutowa, ka fara da +227. Ka adana ta da sunan unguwa da kuɗi, misali "Ɗaki Zariya 15", saboda mai neman ɗaki yakan tuntuɓi mutum uku ko huɗu a yini, kuma babu daɗi ka kira mai gidan Zariya kana yi masa zancen ɗakin unguwar Ali Ɗan Tsoho.

Gargaɗi: kada ka tambayi abin da sanarwa ta riga ta faɗa. Wanda ya rubuta jika 15 sannan ka aika masa da "nawa ne", zai ɗauka ko ba ka karanta ba, ko ciniki kake son buɗewa tun ba ka ga ɗakin ba.

2. Ka gane wa kake yi wa magana

Lambar da ke jikin sanarwa ba lallai ta mai gida ba ce. Tana iya zama ta dillali, ko ta ɗan mai gida, ko ta wakilin da ke karɓar haya saboda mai gidan yana Yamai ko yana fatauci. Dillali yakan saka ɗakuna da yawa a unguwanni daban-daban da lamba ɗaya, shi kuwa mai gida ɗaki ɗaya ko biyu yake da su a wuri guda. Wannan bambanci yana da nauyi a aljihunka, domin dillali yana da la'adarsa, wasu kuma suna neman kuɗin kai ka ganin ɗaki.

Ba rashin ladabi ba ne ka tambaya, sai dai a saƙon farko a taƙaice ake yi: "Ku ne masu gidan, ko wakili ne?" Idan ya ce shi dillali ne, a saƙo na biyu ka nemi ya faɗa maka la'adarsa, da wanda zai biya ta, kafin ka hau kabu-kabu.

Wajen kira kuma, idan ba ka san shekarun mutum ba, ka yi masa jam'i: ku, kuna, muku. Idan sanarwa ta ce Alhaji ko Hajiya, ka yi amfani da shi. Idan ba ta ce komai ba, "Malam" ya wadatar ga namiji, ko ka tsaya ga sallama da "ku" har ka ji murya. Kada ka kira wanda ba ka sani ba "abokina" ko "yayana" a saƙon farko, kada kuma ka ce "Baba" sai ka tabbatar dattijo ne.

3. Rubutu, murya ko kira

Yawancin masu gidaje a Maraɗi ƴan kasuwa ne da dattawa, kuma da dama cikinsu sun fi sakewa da saƙon murya a kan rubutun boko. Wani kuma ƙaramar waya ce a hannunsa, ba shi da WhatsApp sam. Saboda haka ka bi yadda sanarwar ta zo. In an rubuta ta da Hausa, ka rubuta da Hausa. In da Faransanci ce, kana iya amsawa da Faransanci ko da Hausa, duk ana ji. In ta murya ce, ka amsa da murya.

Hanyar da ta fi inganci ita ce ka tura hoton sanarwar, ka biyo shi da gajeren rubutu, sannan idan alamu sun nuna dattijo ne, ka ƙara murya mai faɗin abu ɗaya da rubutun. Muryar kada ta wuce daƙiƙa 30 zuwa 40. Ka tsaya a wurin da babu ƙarar babura ko injin niƙa, ka faɗi sunanka a hankali. Muryar minti uku, mutum yana tsakiyar ciniki zai ajiye ta sai anjima, anjimar kuma ba ta zuwa.

Idan lambar ba ta kan WhatsApp, ka kira kai tsaye, ko ka tura gajeren saƙo na waya sannan ka kira bayan ɗan lokaci. Ka tabbatar da akwai kuɗin kira a layinka da zai kai ka minti biyu ko uku.

Gargaɗi: kada ka buga ka kashe don mai gida ya kira ka da kuɗinsa. Wanda yake tunanin ko za ka iya biyan haya kowane ƙarshen wata, abin da ya fara gani daga gare ka ke nan. Kada kuma ka yi kiran bidiyo ga wanda bai san ka ba.

4. Rubuta saƙon

Saƙon yana da gaɓa biyar, kuma jerinsu yana da dalili.

Sallama da gaisuwa layi ɗaya. Ba a tsallake ta, amma ba a tura ta ita kaɗai a zauna jiran amsa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: mutum ya rubuta "Salam", ya jira, a amsa bayan awa biyu, ya rubuta "ina wuni", ya sake jira. Kafin ya kai ga zancen ɗaki rana ta faɗi, wani ya riga ya je ya gani. Gaisuwa da buƙata su tafi tare a saƙo guda.

Sai sunanka da abin da kake yi. Mai gida yana son ya san wanda zai shigo masa gida, musamman idan iyalinsa suna zaune a ciki. Ka faɗi sana'arka da adadin waɗanda za su zauna. Idan kai ɗalibi ne kuma ku biyu za ku haɗa kuɗi, ka ce ku biyu ne tun yanzu. Wanda ya ce shi kaɗai ne sannan ranar tarewa aka ga katifa uku, ya ɓata zamansa tun bai fara ba. Haka nan zancen aure: akwai masu gidan da ba sa ba marar aure ɗaki a gidan da ke da matan aure, akwai kuma gidajen da aka gina don gwauraye kawai. In ka faɗa a saƙo, wanda ba zai ba ka ba zai gaya maka nan take, ka huta da kuɗin babur.

Na uku, wane ɗaki da inda ka gan shi. Mutum ɗaya yana iya samun gida a Zariya da wani a Sabon Gari, don haka "ɗakin da kuka saka" bai isa ba. Ka ambaci unguwa, irin ɗakin da kuɗin kamar yadda aka rubuta.

A nan akwai abin lura game da kuɗi. Jika ɗaya sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5. Dattijon da yake lissafi da dala idan ya ce maka "dubu uku", jika 15 yake nufi, wato sefa 15,000, ba 3,000 ba. Ga kuma naira da ke yawo a garin saboda kusancin iyaka. Don haka ka rubuta kuɗin ta hanya biyu, jika da alƙaluma, yadda babu wanda zai ce ba haka ya fahimta ba.

Na huɗu, tambayar ko yana nan. Na biyar, lokacin gani, kuma kai ne za ka kawo lokaci biyu ya zaɓa. "Yaushe zan zo?" yana jawo amsar "duk lokacin da ka samu dama", ka je ka tarar mai makulli ya fita. Amma in ka ce yau bayan la'asar ko gobe da hantsi, kalma ɗaya ta ishe shi amsawa.

Ga yadda zai kasance, ka sa sunanka a wurin "wane":

"Assalamu alaikum. Alhaji ina wuni, ya aiki? Sunana wane, malamin makaranta ne aka kawo ni aiki Maraɗi, ni kaɗai zan zauna. Na ga sanarwar ɗaki ciki ɗaya a Zariya, jika 15 (15,000) a wata, ga hotonta na turo. Don Allah ɗakin yana nan ko an kama? In yana nan, ina so in zo in gani yau bayan la'asar, ko gobe Laraba da ƙarfe 10 na safe, wanda ya fi muku sauƙi. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Ka lura an ambaci sunan ranar tare da "gobe". Saƙo yana iya kwana bai shiga ba saboda mai gida bai kunna data ba, in ya buɗe shi washegari, gobenka ta zama yau ɗinsa.

Idan mace ce mai nema, saƙon bai canza ba sai abu ɗaya: ta faɗi wanda zai rako ta. "Hajiya ina kwana. Sunana wance, ɗaliba ce a jami'a, ni da ƴar'uwata za mu zauna. In ɗakin yana nan, za mu zo tare da kawuna mu gani ranar Asabar da safe ko bayan la'asar." Wannan yana kwantar wa mai gida hankali, ita ma kariya ce gare ta. Kada ta yarda da ganin ɗaki ita kaɗai a gidan da babu kowa.

Gargaɗi: abubuwa uku ba su da wuri a saƙon farko. Neman ragi, domin ba a cinikin abin da ba a gani ba, kuma mai gida zai sa ka a layin waɗanda za su wahalar da shi. Labarin matsalarka, irin su mai gidan da kake ciki ya ba ka kwana uku, domin gaggawarka tana rage maka ƙarfin magana, tana kuma sa a tambayi abin da ya haɗa ku. Sai hoton katin ɗan ƙasa ko takardar albashi, waɗanda ba a tura wa lambar da ba a san mai ita ba. Tambayoyin ruwa, kwantar wuta, makewayi da watannin da ake biya gaba duk suna da muhimmanci, amma jera su goma a saƙon farko yana sa a ƙi amsa ko ɗaya.

5. Lokacin turawa da lokacin da za ka nema

Ka tura tsakanin ƙarfe 8 na safe da azahar, ko bayan la'asar zuwa kafin magariba. Bayan isha'i da ɗan lokaci ma ana karɓa, amma kada ya kai dare ya raba. Saƙon ƙarfe 12 na dare yana faɗin wani abu game da irin zaman da za ka yi a gidan mutane. Ranar Juma'a kada ka sa lokacin gani kusa da sallar Juma'a, ka nemi bayan la'asar. In mai gidan ɗan kasuwa ne, Litinin da Juma'a ranakun cin babbar kasuwar Maraɗi ne, da wuya ya bar shago ya zo buɗe maka ƙofa. Cikin azumi kuma safiya ta fi, domin daga la'asar hankalin kowa ya koma gida.

Lokacin ganin ya zama da rana tsaka ko da sauran haske. Da hasken rana ake ganin tabon yoyo a rufi, da tsagewar bango, da layin danshi a gindin gini wanda ke nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa. Wannan ya fi muhimmanci a tsofaffin unguwannin da ke gangare wajen Gulbi, kuma bayan ambaliyar daminar 2024 da ta rusa gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, babu mai hankalin da zai kama ɗakin laka da fitilar waya. In da damina kake nema, kuma aka yi ruwa da dare, ka roƙi a nuna maka washegari da safe, lokacin da tsakar gida da lungu ba za su iya ɓoye komai ba. In bazara ce, ƙarfe 2 na rana a ɗakin kwano marar silin zai gaya maka gaskiyar zafinsa.

6. Karanta amsar

In ya ce "yana nan, zo bayan la'asar", ka amsa nan take ka nemi kwatance: wane masallaci, wace makaranta ko wane gidan mai ne kusa, da launin ƙofar. A Maraɗi da kwatance ake samun gida, ba da lambar titi ba. In yana iya turo wurin ta taswirar WhatsApp, ya fi. Ka tambayi kuma wanda za ka tarar, shi ne ko yaronsa, da lambar mai makullin. A wannan saƙo na biyu ne za ka iya ƙara tambaya ɗaya ko biyu da za su hana ka tafiyar banza, misali wata nawa ake biya gaba, da ko kwantar Nijelek ta ɗakin ce ko ta haɗaka. Idan ya ce wata uku, a ɗakin jika 15 ka san jika 45 ake magana kafin la'adar dillali, sai ka auna aljihunka tun kana gida.

In ya ce an kama, ka yi godiya, ka ƙara layi ɗaya: "In wani ya fita ko kun ji labarin irinsa a unguwar, don Allah a tuna da ni." Masu gidaje sun san junansu, kuma ɗakuna da yawa ba sa kaiwa ga sanarwa.

In ya ce wancan an kama amma akwai wani a wata unguwa da ya fi tsada, galibi dillali ne. Ba laifi ba ne, sai dai ka nemi hoto, unguwa da kuɗi a rubuce kafin ka tashi.

Gargaɗi mafi girma a nan yake. In aka ce maka mutane sun yi yawa a kan ɗakin, ka turo wani abu ta Nita ko Amana ko ta waya a riƙe maka, kada ka tura. Kamfanonin aika kuɗi aikinsu isar da kuɗi ne, in wanda ka tura wa ya karɓa ya kashe waya, dawo da su abu ne mai wuya. Alamomin da ke tafiya tare da wannan su ne hoton ɗaki mai kyau fiye da kuɗinsa, mai gida da kullum "yana tafiya", da ƙin ba da kwatance sai an biya. Ba a ba da ko dala kafin ka tsaya cikin ɗakin, ka ga an buɗe shi da makulli, ka kuma tambayi maƙwabci ko mai shagon kusa wane ne mai gidan nan.

7. In an yi shiru

Ka duba alamar da ke gefen saƙon. Alama ɗaya tana nufin bai isa wayarsa ba, wataƙila babu data ko wayar a kashe take, don haka jira ba shi da amfani, ka kira layin kai tsaye. Alama biyu masu launin toka, ya isa amma ba tabbas an buɗe, domin wasu suna kashe shaidar karantawa. Biyu shuɗɗa, an buɗe.

In ya isa kuma ba amsa, ka ba shi rabin yini. Wanda ka tura wa da safe, ka kira shi bayan la'asar, ka ce: "Alhaji ni ne wane da na turo saƙo da safe a kan ɗakin Zariya, na ce bari in ji ko yana nan." Kada ka jera alamomin tambaya, kada ka rubuta "kun gani kun yi shiru". In bai ɗauka ba, ka sake gwadawa sau ɗaya washegari. Bayan haka, in ka san inda gidan yake, ka je da kanka ka yi sallama ka tambayi mazauna ko mai shagon lungun, in kuwa ba ka sani ba, ka koma kan sauran lambobin da ka adana.

8. Ranar zuwa

Awa ɗaya kafin lokacin, ka tura layi ɗaya: "Alhaji ina nan tafe bayan la'asar in sha Allah, kamar yadda muka yi." Wannan yana tuna masa ya bar makulli a hannun wani in fita ta kama shi. In wani abu ya tsare ka, ka faɗa kafin lokacin ya yi, ka ba da sabon lokaci a cikin saƙon.

Ka tafi da wayarka da caji, da hoton sanarwar a ciki, da kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa, da mutum ɗaya da ya san gari. Kuɗin haya kuwa ka bar su a gida a wannan zuwa na farko. In ɗakin ya yi maka, ku tsayar da magana a gaban wanda ya rako ka, ku sa ranar biya, ranar kuma a rubuta maka takardar shaidar karɓa mai ɗauke da adadin kuɗin, watannin da suka biya da sa hannun wanda ya karɓa.